Shaidar Mai Samun Sauƙi A Bidiyo: Mu Faɗi Abin Da Ya Faru, Kada Mu Ƙara Gishiri

Karatu: Markus 8:22-26; Luka 17:11-19

  

A dā idan ɗan'uwa ya tashi daga ciwo, yakan miƙe ran Lahadi a gaban ikilisiya ya yi godiya. Masu jinsa sun san shi, sun je duba shi, wasu ma su ne suka kai shi asibiti. In zumuɗi ya ɗebe shi ya faɗi abin da ya wuce kima, fasto yana nan, sai ya gyara maganar cikin hikima kafin a tashi. Yanzu kuwa matasanmu na ɗaukar shaidar da waya. Bidiyon da aka ɗauka a Illela da hantsi, kafin la'asar ya ƙetara iyaka ya shiga Birnin Ƙwanni, ya gangara Sakkwato, ya isa hannun mutanen da ba su taɓa ganin mai maganar ba. Babu faston da zai bi shi ya gyara. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, balle wadda aka ɗauka a waya.

Saboda haka yau za mu duba yadda ake rubuta gajeriyar shaida ta bidiyo domin ɗan ikilisiya da ke samun sauƙi daga rashin lafiya, yadda kowace kalma a cikinta za ta iya tsayawa da ƙafarta in aka bincika.

Me ya sa sai an rubuta?

Watakila wani zai ce, shaida ai daga zuciya take fitowa, me ya kawo takarda? Dalilin shi ne mutum in ya ga waya a gabansa yakan ruɗe. Sai ya ɗauko kalmomin da ya saba ji a shaidar wasu: likitoci sun sallama, asibiti ya gaza, cikin dare ɗaya ciwo ya ɓace. Ba ƙarya ya nufa ba, bakinsa ne ya bi hanyar da aka riga aka share. Rubutu yana ba shi damar ya zauna a natse ya tuna abin da ya same shi da gaske.

Wannan damuwa ba tamu kaɗai ba ce. A 2004 hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin ta Najeriya ta hana watsa shirye-shiryen al'ajiban da ba za a iya tabbatar da su ba. A 2011 kuma BBC ta ba da labarin mata uku a Landan masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, waɗanda suka mutu bayan sun daina shan magani bisa shawarar masu wa'azi. Waya ba ta bi ta ofishin kowace hukuma kafin ta watsa magana. Tsaron ya koma hannun ikilisiya.

Littafi Mai Tsarki ma bai ji tsoron bincike ba. A Littafin Firistoci sura 13, firist ne ke duba mai ciwon fata, ya keɓe shi kwana bakwai, ya sāke dubawa kafin ya yanke magana. Ubangijinmu da kansa ya aiki kutare goma su je firistoci su gan su. Makahon Betsaida kuwa, da aka taɓa shi da fari aka tambaye shi, ya faɗi iyakar abin da yake gani, cewa yana hangen mutane amma dishi-dishi kamar itatuwa. Bai ce ya warke sarai don ya faranta wa kowa rai ba. Wannan mutum shi ne gurbin duk mai shaida da ke tsakiyar hanya.

Kwando uku

Hanyar da muke ba da shawara mai sauƙi ce. Mai rubutu ya zauna da mai shaida, ya bar shi ya ba da labarinsa duka yadda ya zo masa, ba tare da katsewa ba. A rubuta kowace magana a layinta. Sa'an nan a ɗauki layi ɗaya ɗaya a tambaya, wane kwando wannan zai shiga?

Kwando na fari shi ne abin da mutum ya ji a jikinsa ko ya gani da idonsa. Na yi tari, na rame, na kasa hawa babur, matan zumunta sun kawo mini kunu. Shi ne mai iko a kan wannan, iyalinsa kuma za su iya gaskata shi.

Kwando na biyu shi ne abin da takarda ko ma'aikacin lafiya ya tabbatar: sunan ciwo, ranar da aka fara magani, sakamakon gwaji, ranar sallama. A nan ba a dogara da tuni. Sai an ga katin asibiti, an kuma sami nas ko malamin asibiti a cikin ikilisiya ya karanta shi. Mu da ke bakin iyaka muna da ƙarin aiki, domin wanda ya yi jinya a Ƙwanni, ko a asibitin mishan na Galmi da aka buɗe tun 1950, yakan dawo da takardu cikin Faransanci. A nemi wanda ya iya karatunsa. Kada a yi cinta.

Kwando na uku shi ne bangaskiya. Na gaskata Allah ne ya riƙe ni, na gaskata ya ji addu'ar 'yan'uwa. Wannan ita ce zuciyar shaida, ba mai cire ta. Abin da ake bukata kawai shi ne a faɗe ta da sunanta, a ce "na gaskata", domin mai kallo ya san bangaskiya yake ji, ba sakamakon ɗakin gwaji ba.

Duk layin da ya rasa kwando a cikin ukun nan, a ajiye shi gefe. Yawanci irin waɗannan layuka magana ce a bakin wani wanda ba ya nan, ko hukunci a kan abin da ke cikin jiki wanda ba a gwada ba, ko zargin wani mutum, ko alkawari ga mai kallo.

Misali: mai tarin tibi a wata na huɗu

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Misali ne muka shirya domin koyarwa, ba labarin wani sananne ba. A ce wani ɗan'uwa mai fataucin albasa, wanda ke zirga-zirga tsakanin Illela da Ƙwanni da Sakkwato, ya kamu da tarin tibi, wanda wasu ke kira tarin fuka. Ya fara magani a watan Fabrairu, yanzu ana cikin Mayu. Tari ya tsaya, jiki ya murmure, ya koma kasuwa. Yana so ya gode wa Allah a bidiyo.

Kafin mu duba maganarsa, ya kamata mu san yadda wannan ciwo yake. Maganin tarin tibi na huhu da aka saba bayarwa wata shida ne. Wata biyu na farko ana shan magunguna huɗu a haɗe, wata huɗu na baya kuma ana shan biyu. A cibiyoyin gwamnati na Najeriya maganin kyauta ne. Ana sāke gwada kakin majinyaci a ƙarshen wata na biyu, da wata na biyar, da ƙarshen magani. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, cikin 'yan makonni da fara magani yawancin majinyata sukan ji sauƙi ƙwarai, zazzaɓi ya sauka, cin abinci ya dawo. Amma sauran ƙwayoyin cutar suna nan a raye cikin jiki. Wanda ya ajiye magani a wannan lokaci, ciwon na iya dawowa, yana kuma iya dawowa da irin da ba ya jin magungunan farko, wanda ya fi wuyar magani, ya kuma iya sa wa iyalinsa.

To, ga layuka shida daga cikin abin da ɗan'uwan nan ya faɗa da fari.

Na ɗaya, ya ce: "Likitoci sun ce ba zan kai mako ba." Muka tambaya, wane likita, yaushe, ga wa ya faɗa? Sai ta bayyana cewa wani ɗan'uwansa ne ya ji wata ma'aikaciya tana cewa an makara da kawo shi. Maganar ta bi baki uku kafin ta zama hukuncin mutuwa. Ba ta shiga kwando na biyu, domin babu takarda, mai maganar kuma ba ya nan. Amma a ƙarƙashinta akwai gaskiya mai nauyi wadda ke cikin kwando na fari. Sai ta zama: "Na yi tsammani ba zan tashi ba. Har na fara yi wa matata wasiyya." Ku lura, wannan ta fi ta farko taɓa zuciya, kuma ba mai iya ƙaryata ta.

Na biyu, ya ce: "Ranar da aka yi mini addu'a, a ranar ciwon ya fita." Katin ya nuna ya riga ya yi kusan mako uku yana shan magani lokacin da dattawa suka zo. Daidai lokacin da sauƙi kan fara ke nan. Ba mu da ikon cewa addu'a ba ta yi aiki ba, ba mu kuma da ikon ɓoye maganin. Sai a faɗi duka biyu bisa jerinsu: "Ina cikin mako na uku na shan magani dattawa suka zo suka yi mini addu'a. A daren nan na yi barci, tsoro ya sake ni."

Na uku, ya ce: "Na ga cutar tana fita ta fitsarina ja wur kamar jini." Ya gani da idonsa, gaskiya ne, amma fassarar ce ta kauce. Ɗaya daga cikin magungunan tarin tibi yakan rina fitsari ya koma ja-ja ko ruwan goro, har gumi da hawaye wani lokaci. Aikin magani ne, ba alamar fitar cuta ba. Nas ɗin ikilisiya za ta gane wannan nan take. A cire layin gaba ɗaya.

Na huɗu, ya ce: "Wani abokin sana'a ne ya yi mini jifa." Wannan ba ta da kwando ko kaɗan. Tarin tibi ƙwayar cuta ce da ke bin iska daga mai tari zuwa na kusa da shi. Ko da bai ambaci suna ba, kasuwa ta san wanda suka yi saɓani da shi. A gari irin Illela, inda muke zaune tare da maƙwabta Musulmi, muna saye da sayarwa a rumfa ɗaya, zargi irin wannan zai iya kunna wutar da ikilisiya duka za ta sha hayaƙinta. Doka ta tara cikin Dokoki Goma ta hana shaidar zur a kan maƙwabci, ba ta kuwa keɓe wadda aka yi cikin godiya ba.

Na biyar, ya ce: "Na warke sarai." A ƙarshen wata na biyu an gwada kakinsa ba a ga ƙwayar ba, wannan labari ne mai daɗi, yana kuma rubuce. Amma a wurin ma'aikatan lafiya, ba a rubuta wa mutum "ya warke" sai ya gama magani, gwajin ƙarshe kuma ya tabbatar. Wanda ya shanye maganinsa amma ba a sami sakamakon gwajin ƙarshe ba, abin da akan rubuta masa shi ne "ya kammala magani". In masu aikin suna auna kalmominsu haka, mu da muke magana da sunan Allah ya kamata mu fi su aunawa. Layin ya zama: "Ina samun sauƙi. Saura wata biyu in gama."

Na shida, ya ce: "Duk mai irin wannan ciwo ya zo majami'armu, zai warke." Wannan alkawari ne, ba shi kuwa da ikon cika shi. Manzo Bulus da kansa ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas, kamar yadda 2 Timoti 4:20 ta nuna. A maimakonsa a sa abin da zai amfani mai kallo da gaske: wanda tarinsa ya kai mako biyu ya je a gwada kakinsa.

Rubutun da aka gama

Minti biyu ya isa. Mai magana a hankali ba zai wuce kalmomi kamar 250 a wannan lokaci ba, don haka a karanta rubutun da ƙarfi a duba agogo. A raba shi gida huɗu: yadda nake a dā, abin da aka yi, inda nake yau, godiya da gargaɗi. Ga yadda na ɗan'uwanmu ya fito.

Rubutu a fuskar bidiyo, daƙiƙa biyar: "Shaidar godiya. An ɗauka a watan Mayu, cikin wata na huɗu na magani." A ƙara shekara.

Kashi na ɗaya, daƙiƙa talatin: "Salama a gare ku, 'yan'uwa. Ni ɗan kasuwa ne. Da hunturun bana na fara tari, na ɗauka sanyi ne. Na sha maganin kemis fiye da wata guda, ba sauƙi. Na rame, ina gumi da dare, har na kasa ɗaga buhu. Na yi tsammani ba zan tashi ba. Har na fara yi wa matata wasiyya."

Kashi na biyu, daƙiƙa talatin da biyar: "Wani ɗan'uwa a ikilisiya ya matsa mini, ya kai ni asibiti. Aka gwada kakina, aka ce tarin tibi ne. A watan Fabrairu na fara magani, ban biya kuɗinsa ba. Ina cikin mako na uku dattawa suka zo suka yi mini addu'a. A daren nan na yi barci, tsoro ya sake ni. Matan zumunta kuma ba su bar gidana da yunwa ba."

Kashi na uku, daƙiƙa ashirin da biyar: "A ƙarshen wata na biyu aka sāke gwaji, ba a ga ƙwayar ba. Nauyina ya tashi daga kilo 48 zuwa 55, yana rubuce a katina. Ina samun sauƙi, amma ban gama ba. Saura wata biyu, kullum kuma ina shan maganina, ko ina kan tafiya."

Kashi na huɗu, daƙiƙa ashirin da biyar: "Na gaskata Allah ne ya riƙe raina. Na gaskata shi ya aiko wanda ya kai ni asibiti, shi ya ba ma'aikata sani. Ina gode masa. In tarinka ya kai mako biyu, je a gwada ka. In kana kan magani, kada ka tsaya don ka ji sauƙi. Ku ci gaba da yi mini addu'a har in gama."

Ku duba da kyau. Ba a rage wa Allah ɗaukaka ko kaɗan ba. An ambaci addu'a, an ambaci magani, kowanne a wurinsa. Likita Musulmi zai iya kallon wannan ya gyaɗa kai, mai shakka kuma ba zai sami abin kamawa ba.

Kafin a danna waya

Rubutun ya bi ta hannu uku. Mai shaida ya ji an karanta masa, ya yarda cewa maganarsa ce, ya canza duk kalmar da ba ta bakinsa ba. Ma'aikacin lafiya ya gwama kwando na biyu da kati. Fasto ko dattijo ya duba kwando na uku. In ɗaya daga cikinsu ya ce wani layi bai tsaya ba, a cire shi, ba gardama.

Sa'an nan batun yarda. Labarin ciwon mutum sirrinsa ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke bukatar kulawa ta musamman. A gaya wa mai shaida a fili inda za a nuna bidiyon: a cikin majami'a kaɗai, ko a wayoyin 'yan ikilisiya, ko a bar shi ya tafi ko'ina. A kuma gaya masa gaskiya cewa in ya fita, ba mai iya kiransa ya dawo. A ba shi kwana biyu ko uku ya yi shawara da iyalinsa, domin tarin tibi har yanzu ciwo ne da ake ƙyamar mai shi. Ɗan kasuwa na iya rasa masu saye, 'yarsa na iya rasa manemi. In ya ce a'a bayan an gama ɗauka, a goge, kada kuma a sa shi jin ya ƙi Allah. In ya yarda, ya sa hannu ko ya dangwala a takarda. Yaro kuwa sai da yardar iyayensa, wanda kuma ciwo bai bar shi cikin hankalinsa sosai ba, a jira.

Kada a nuna katin asibiti a bidiyo, domin akwai suna da lamba a kansa. Kada a nuna ƙofar gida ko unguwa. Kada a ambaci sunan ma'aikacin lafiya ba da izininsa ba, kada kuma a kira sunan wani asibiti ko kemis da laifi. Ɗan'uwanmu ya ce ya sha maganin kemis, bai ce na wane ba, haka ya kamata.

Wajen ɗauka, a zauna a inuwa da safe, haske a fuskar mai magana, nesa da janareta da ƙarar kabu-kabu. Ba sai ya haddace ba. Mai ɗauka ya yi masa tambaya ɗaya a kowane kashi, misali, "Baba, yaya ciwon ya fara?" shi kuma ya amsa bisa abin da aka rubuta. Mai tambaya ya kiyaye bakinsa. In ya ce, "Baba, ai likitoci sun yi mamaki, ko ba haka ba?" ya riga ya sa wa dattijo magana a baki, kunya kuma za ta sa ya ce haka ne.

Inda aiki kan lalace

Sau da yawa rubutu yakan fita da tsabta, sai a ɓata shi wajen haɗa bidiyo. Matashin da ke yankewa ya ga ya yi tsawo, sai ya cire kashi na uku, inda aka ce saura wata biyu. Kowace kalmar da ta rage gaskiya ce, amma labarin ya zama ƙarya. Haka nan in aka ɗora hoton mutum yana kwance kusa da hotonsa yana dariya, ba a rubuta cewa wata huɗu ne tsakaninsu ba. Haka kuma in mai turawa ya rubuta a sama da manyan baƙaƙe cewa an warkar da tibi cikin dare ɗaya. Don haka dattijon da ya duba rubutu shi ne zai kalli bidiyon ƙarshe da kansa, tare da kalmomin da za a tura shi da su.

Akwai gwaji mai sauƙi da za a gane ko an yi daidai. A nuna bidiyon ga mutum ɗaya wanda bai san labarin ba, a yi masa tambaya uku. Mutumin nan ya gama magani ko yana kai? Me ya taimake shi? In kai ne mai irin wannan ciwo, me za ka yi gobe? In ya amsa cewa ya warke, addu'a kaɗai ta yi, shi ma zai ajiye ƙwayoyinsa, to bidiyon bai isa fita ba, komai kyansa.

A tuna kuma cewa mai samun sauƙi yana kan hanya ne. Ciwo na iya juyawa. Ranar da aka rubuta a farkon bidiyo ita ce ke kare shi da ikilisiya, domin tana nuna cewa abin da ya faɗa gaskiyar wannan rana ce. In ya gama wata shida, gwajin ƙarshe ya fito da kyau, sai a ɗauki na biyu, na minti ɗaya, a ce a ciki "an tabbatar na warke". A lokacin kalmar ta nuna, ana iya tsinkarta.

Akwai kuma waɗanda za su kalla suna cikin makoki, waɗanda aka yi wa nasu addu'a da azumi amma Ubangiji ya ɗauke shi. Saboda su, kada mai shaida ya ce bangaskiyarsa ce ta fi, ko baikonsa ne ya saya masa lafiya. Manzo Bulus da yake ba Filibiyawa labarin Abafaroditas, wanda ya yi ciwo har bakin mutuwa, jinƙan Allah ya ambata a kan tashinsa. Wannan kalma ta ishe mu.

'Yan'uwa, Allahnmu ba ya bukatar mu ƙara masa da ƙarya. Abin da ya yi wa ɗan'uwanmu, in aka faɗe shi daidai yadda ya faru, ya isa ya sa mai ji ya yi godiya, ya kuma isa ya tura wani mai tari zuwa asibiti tun da sauran lokaci.

Mu yi addu'a. Ya Uba na sama, muna gode maka domin waɗanda ka tasa daga gadon ciwo, da waɗanda kake tasarwa a hankali. Ka sa albarka a hannun ma'aikatan lafiya a wannan gefen iyaka da wancan. Ka ba majinyatanmu haƙuri su gama maganinsu. Ka tsare bakinmu da wayoyinmu daga ƙari, domin shaidarmu ta zama abin dogara a gaban maƙwabtanmu. Ka ta'azantar da masu makoki. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.